Rubutu Uku, Alkawari Ɗaya: Yadda Ake Shirya Kalmomin Gajeren Bidiyo

Duk gajeren bidiyon da ya faɗo maka a TikTok, ko Reels na Instagram da Facebook, ko Shorts na YouTube, yana ɗauke da rubutu a wuri uku. Akwai wanda ke bayyana a kan hoton kansa tun daƙiƙar farko. Akwai bayanin da ke ƙasa, kusa da sunan mai bidiyon, wanda masu sana'ar ke kira kafshan. Sai kuma kalmomin da ake sa wa alamar # a gaba, wato hashtag. Yawancin masu ɗora bidiyo a wurinmu suna rubuta waɗannan uku ne a warwatse. Rubutun kan hoto ana yin sa lokacin tace bidiyo, bayanin ƙasa ana ƙirƙiro shi a gurguje dab da danna maɓallin ɗorawa, hashtag kuwa kwafo su ake yi daga bidiyon wani da aka ga ya yi farin jini. Sakamakon shi ne bidiyo ɗaya mai baki uku, kowane baki da abin da yake faɗa.

Hanyar da ta fi ita ce a zauna a rubuta su tare, a zama ɗaya, tun kafin a ɗauki bidiyon ma in da hali. Dalili kuwa mai sauƙi ne: ukun nan alkawari guda suke ɗauke da shi, sai dai kowannensu da wanda yake yi wa magana.

Wa ke karanta me

Rubutun kan hoto na mutumin da bai san ka ba ne. Babban yatsansa na kan allo, yana shafa bidiyo ɗaya bayan ɗaya, kuma cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu zai yanke shawarar tsayawa ko wucewa. Mai yiwuwa ma wayarsa a rage take da murya, domin yana cikin a-daidaita-sahu, ko a wurin aiki, ko yara na barci kusa da shi. Abin da ka faɗa da baki bai isa kunnensa ba tukuna, abin da idonsa ya karanta shi ne duk abin da ya sani game da kai.

Bayanin ƙasa na wanda ya riga ya tsaya ne, yana son ƙarin haske: mene ne wannan, a ina ake samu, me zan yi yanzu? Har ila yau na mai bincike ne, wanda ya rubuta wata kalma a akwatin nema. Wannan rukuni na biyu ba ƙarami ba ne. A watan Yulin 2022, Prabhakar Raghavan, babban jami'i a Google, ya ce binciken kamfaninsu ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na matasa, idan suna neman wurin cin abincin rana, TikTok ko Instagram suke buɗewa maimakon Google. A shekarar ce kuma TikTok ya faɗaɗa bayanin ƙasa daga haruffa 300 zuwa 2,200.

Hashtag kuwa rabinsa na mutane ne, rabinsa na manhajar ne. Tun da Chris Messina ya ba da shawarar amfani da alamar # a Twitter a watan Agustan 2007, aikinta bai canja ba: tara maganganu masu jigo ɗaya a wuri ɗaya. A watan Yunin 2020 TikTok ya wallafa bayanin yadda shafin For You ke zaɓar bidiyo, ya lissafa bayanin ƙasa da sauti da hashtag cikin abubuwan da yake dubawa don gane abin da bidiyo ya ƙunsa. Amma a wannan bayanin ya ce kallon bidiyo har ƙarshe yana cikin alamomin da suka fi nauyi. Wato hashtag na taimakawa a san wa za a fara nuna wa bidiyon, amma masu kallo ne ke yanke hukuncin ko zai yi nisa.

Wanda ya san Kantin Kwari zai gane tsarin nan da nan. Kiran da yaron shago ke yi maka kana wucewa shi ne rubutun kan hoto. Bayanin da mai shago ke yi bayan ka shigo shi ne na ƙasa. Layin da shagon yake shi ne hashtag. Idan yaro ya kira ka da atamfa, ka shiga mai shago ya fara maganar takalmi, kuma shagon na layin 'yan shadda, ba za ka zauna ba.

Jimla ɗaya kafin komai

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce wata baiwar Allah a Kano tana yin wainar shinkafa ta sayarwa, tana karɓar odar biki da suna, kuma tana koyar da girki. Ta shirya bidiyo na daƙiƙa 35 kan matsalar da kowace mai toya waina ta sani: waina ta manne a tanda, a zo juyawa ta farfashe. A bidiyon za ta nuna cewa yawanci laifin ba na ƙullu ba ne, tandar ce ba ta yi zafi sosai ba. Za ta zuba mai a gurbi, ta ɗiga ƙullu kaɗan, in ya yi "cuu" nan take to tanda ta yi. Sannan ta nuna cewa ba a taɓa waina sai gefenta ya bushe ya fara ja.

Kafin ta rubuta komai a waya, sai ta rubuta jimla ɗaya a takarda, wadda ba wanda zai gani sai ita: "Wannan bidiyon na matan da wainarsu ke mannewa ne, zai nuna musu gwajin zafin tanda kafin a zuba ƙullu." Jimlar ta amsa tambaya biyu, don wa aka yi, kuma me zai samu. Idan ta kasa rubuta ta ba tare da "da kuma" sau biyu ba, to bidiyon ya ɗauki kaya fiye da ƙima, gara a raba shi biyu.

Daga cikin jimlar sai ta ciro kalmar da za ta ratsa rubutun uku. A nan kalmar ita ce waina. Amma ta san cewa abin da Bakano ke kira waina, a Bauchi da wurare da yawa masa ake ce masa, kuma wadda ta saba da masa ba za ta rubuta waina a akwatin nema ba. Wannan ne wuri na farko da rubuta ukun tare ke nuna amfaninsa. A kan hoto babu filin kalma biyu, dole ta zaɓi ɗaya. Ta biyun sai ta samu gurbi a bayanin ƙasa da hashtag. Da a warwatse take rubutawa, da wuya ta tuna da wannan rabon aiki.

Rubutun kan hoto

Abin da ya fara zuwa mata a rai shi ne irin wanda ta saba gani: "Ku kalla har ƙarshe!" ko "Sirrin da ba a taɓa faɗa muku ba." Duka biyun za su zauna a kan bidiyon gyaran mota ko na wa'azi ko na barkwanci ba tare da an canja harafi ba, kuma wannan ne aibinsu. Ba su gaya wa mai toya waina cewa da ita ake ba. Na biyu da ta gwada shi ne: "Assalamu alaikum 'yan uwa, yau zan nuna muku yadda ake toya waina ba tare da ta manne ba." Maganar daidai ce, sallama kuma abu ne mai kyau, amma wurinta baki ne. A rubuce ta yi tsawo, kafin ido ya kai kan "waina" yatsa ya riga ya wuce.

Wanda ta tsaya a kai shi ne:

Wainarki na mannewa?
Ba laifin ƙullu ba ne.

Kalma takwas, layi biyu. Layin farko ya kira mai matsalar da sunan matsalarta. Na biyu ya rushe abin da take zato, ya bar ta da tambaya: to laifin mene ne? Amsar ba a rubuta ta a nan ba, tana cikin bidiyon. Kuma hoton da ke ƙarƙashin rubutun a daƙiƙar farko dole ya zama waina ce da ta farfashe a gurbi, cokali na kankare ta. Idan aka buɗe da fuskar mai magana tana gyara mayafi, rubutu da hoto sun rabu.

A lura da "ki" ɗin da ke cikin "wainarki". Hausa ba ta barin mai rubutu ya ɓoye wanda yake nufi. "Ki" ta zaɓi mace, "ka" ta zaɓi namiji, "ku" ta haɗa kowa amma ta rage kusanci. Mai wainar nan ta san mata ne masu sayen darasinta, don haka ta zaɓi "ki" da gangan, kuma dole ta riƙe ta har bayanin ƙasa. Kuskure ne da ake yawan gani a fara da "ki" a sama, a koma "ku" a ƙasa, a rufe da Turanci.

Sai maganar inda za a ajiye rubutun. Bidiyon tsaye yake, faɗi 9 tsawo 16, galibi ɗigon hoto 1080 a faɗi da 1920 a tsawo. Amma ba duk filin ne naka ba. A can sama manhaja ta ajiye nata rubutun, a gefen dama akwai jerin alamomin so da tsokaci da turawa, a ƙasa kuma sunanka da bayanin ƙasa da sunan sauti sun cinye wuri mai yawa. Rubutun da aka sa a ƙasa zai hau kan bayanin ƙasa su cakuɗe, wanda aka miƙa har bakin dama alamomi za su cinye harufansa na ƙarshe. Wurin da ya fi aminci shi ne tsakanin sama da tsakiyar allo, a bar rata a gefe biyu. Harufa su zama manya, farare a kan baƙin zane ko akasin haka, domin farar waina a kan farin faranti za ta haɗiye farin rubutu. Ya bayyana tun hoton farko, ba bayan daƙiƙa biyu ba, kuma ya tsaya gwargwadon lokacin da za ka karanta shi da ƙarfi sau biyu ba gaggawa.

Akwai wani dalili da ya sa wannan rubutun ya fi sauran nauyi a wurinmu. Bidiyo da yawa ba a manhajar da aka ɗora su suke ƙare rayuwarsu ba. Ana sauke su, a tura a zauren WhatsApp na dangi, a sa a Status, a aika daga waya zuwa waya. A wannan tafiyar bayanin ƙasa da hashtag suna zubewa gaba ɗaya, abin da ke jikin hoton kaɗai ke isa. Saboda haka rubutun kan hoto ya zama mai iya tsayuwa shi kaɗai, kuma mai sana'a ta sa sunan kasuwancinta a jikin bidiyon wajen ƙarshe.

Bayanin ƙasa

Instagram na ba da damar haruffa 2,200, amma mai kallo ba ya ganin su sai ya danna. Layi ɗaya ko biyu ne kawai ke fitowa, sauran na ɓoye. Don haka layin farko shi ne komai, kuma ba a ɓata shi da maimaita abin da ke kan hoto, domin ido na ganin su biyun a lokaci guda. Haka nan ba a cika shi da alamomin wuta da zuciya. Ga abin da mai waina ta rubuta:

Wainar shinkafa ko masa: yadda ake gane tanda ta yi zafi kafin a zuba ƙullu.
Ki zuba mai a gurbi, ki ɗiga ƙullu kaɗan. In bai yi ƙara nan take ba, ki ƙara jira. Kada ki juya sai gefe ya bushe ya fara ja. In sukari ya yi yawa ma tana kamawa.
Tandarki ta ƙasa ce ko ta ƙarfe? Ki faɗa min, bidiyo na gaba a kan sabuwar tanda ne.
Muna Kano, muna karɓar odar biki da suna.

Layin farko ya ɗauki kalmomin da mai nema za ta rubuta: waina, shinkafa, masa, tanda, ƙullu. Ya kuma cika abin da rubutun sama ya bari a buɗe. Can an ce ba ƙullu ba ne, nan an ce zafin tanda ne. Wani zai ce ai an tona asirin bidiyon. Ba a tona ba, domin jin cewa zafi ne daban, ganin yadda ɗigon ƙullu ke yi a cikin mai daban. Layi na biyu ya ba wadda za ta ajiye bidiyon abin da za ta karanta tana gaban murhu, har da ƙarin maganar sukari da ba ta samu shiga daƙiƙa 35 ba.

Layi na uku shi ne buƙata, kuma guda ɗaya ce tak. Wanda ya ce a so, a yi tsokaci, a tura, a bi shi, a kuma kira lambarsa, ya ba mutum aiki biyar, ba zai yi ko ɗaya ba. Tambayar "ta ƙasa ce ko ta ƙarfe" ana amsa ta da kalma ɗaya, ta fito daga cikin jigon, kuma amsoshin za su gaya wa mai bidiyon irin tandar da za ta nuna a gaba.

A YouTube Shorts lissafin ya ɗan bambanta. A can take ne ke fitowa a ƙasan bidiyo, iyakarsa haruffa 100, cikakken bayani kuwa sai an neme shi. To layin farkon nan shi zai koma take, sauran su shiga akwatin bayani.

Hashtag

Mai waina ta sa huɗu: #waina #masa #GirkinHausa #Kano. Biyun farko sun faɗi abin da ke cikin bidiyon, na uku ya faɗi rukunin da yake, na huɗu ya faɗi inda mai sana'ar take, domin wadda ke Damagaram za ta amfana da darasin amma ba za ta yi odar waina daga Kano ba. Kowane ɗaya ana iya nuna asalinsa a cikin jimlar da aka rubuta a takarda ko a bayanin ƙasa. Wannan ne ma'aunin: hashtag ɗin da ba shi da dangi a sauran rubutun biyu, a cire shi.

Da wannan ma'aunin #fyp da #viral suka faɗi, domin ba su gaya wa kowa komai game da waina ba. #kannywood kuma ya fi su illa. Wanda ya sa shi a bidiyon girki don ya ga jama'a sun taru a wurin, yana gayyato masu neman labarin 'yan fim ne. Su kuwa da sun ga tanda za su wuce, kuma wucewarsu cikin daƙiƙa ɗaya alama ce ga manhaja cewa bidiyon bai riƙe mutane ba. Yawa ma ba ya ƙara komai. A da Instagram yana barin a sa har 30, amma a 2021 shi da kansa ya ba masu ɗora abubuwa shawarar uku zuwa biyar. A watan Disamban 2024 ya cire damar bin hashtag yadda ake bin mutum, kuma shugabansa Adam Mosseri ya sha faɗa cewa hashtag ba ya ƙara yawan masu gani wani abin a-zo-a-gani. YouTube kuwa ya ce idan aka haura 60 a bidiyo ɗaya, zai yi watsi da su duka.

Rubutun Hausa na da nasa tarkon a nan. Hashtag yana yankewa ne a duk inda ya gamu da rata ko alamar rubutu. Wanda ya rubuta #sana'a zai ga "sana" kaɗai ta zama mahaɗi, #'yanmata kuwa ba zai kama ba sam. Sai a haɗe kalmar, a rubuta #sanaa ko #yanmata. Haruffa masu lanƙwasa ma haka: yawancin mutane ba su da ƙ da ɗ da ɓ a madannan wayarsu, kuma manhaja na iya ɗaukar #ƙosai da #kosai a matsayin abu biyu. Mafita ita ce a sake raba aiki. A kan hoto, inda mutum ne zai karanta, a rubuta Hausa daidai da lanƙwasarta, bayan an tabbatar salon harufan da aka zaɓa yana da su, don wasu kan mayar da ƙ akwati fanko. A hashtag kuwa a rubuta yadda mutane ke dannawa. Babban harafi a farkon kowace kalma, kamar #GirkinHausa, ba ya canja inda mahaɗin zai kai, sauƙin karatu kawai yake ƙarawa.

Yadda ake gane inda aka kuskure

Bayan kwana biyu ko uku da ɗorawa, sai a buɗe shafin ƙididdiga, Analytics a TikTok da YouTube, Insights a Instagram. Kowane rubutu cikin ukun yana da alamar ciwonsa.

Idan zanen da ke nuna tsawon kallo ya faɗi warwas a daƙiƙa biyun farko, matsalar na ƙofa ne: ko rubutun kan hoto bai kira kowa ba, ko ya makara, ko hoton farko bai goyi bayansa ba. Idan mutane sun tsaya amma suka watse a tsakiya, rubutun ya yi aikinsa, bidiyon ne ya yi jinkirin cika alkawari. Mai waina ta ce ba laifin ƙullu ba ne, to idan ta kwashe daƙiƙa ashirin tana nuna jiƙa shinkafa kafin ta zo kan tanda, a nan za a bar ta. Idan kallo ya yi kyau amma kason da ya zo ta hanyar nema bai taka kara ya karya ba, a koma kan layin farko na bayanin ƙasa a duba ko kalmomin da mutane ke nema ne a ciki. Idan kuma masu tsokaci suna tambayar abin da bai shafi jigon ba, ko masu kallon sun fito daga inda kayan ba za su kai ba, hashtag da sunan gari ne abin dubawa.

Tsokacin da ya fi kowanne ban tsoro shi ne "to ina abin da aka ce?" Shi ne shaidar cewa rubutun sama ya yi alkawarin da bidiyon bai ɗauka ba. Irin wannan na iya tara kallo sau ɗaya, amma wadda aka yaudara ta riga ta haddace fuskar, gobe ba za ta tsaya ba. Alkawari kaya ne, kuma mai sana'ar da ke son oda ta fi mai neman suna buƙatar a yarda da maganarta.

A bidiyo na gaba sai a gyara abu ɗaya kawai. Wanda ya canja rubutun sama da bayanin ƙasa da hashtag da lokacin ɗorawa gaba ɗaya, ko kallo ya ƙaru ba zai san wanne ne ya yi aiki ba.

Tsarin bai tsaya kan girki ba. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre zai iya rubuta a kan hoto, "Wayarka ba ta caji? Kada ka sayi batir tukuna," a ƙasa ya ce yadda ake duba ramin caji a cire datti, ya rufe da #GyaranWaya #caji #Kano. Kafin ya danna maɓallin ɗorawa, gwaji ɗaya ya ishe shi: ya kashe murya, ya miƙa wayar ga maƙwabcin rumfarsa na daƙiƙa uku, ya karɓe, sannan ya tambaye shi da wa ake magana kuma me za a nuna masa. In amsar ta yi daidai da jimlar da ke takarda, ya ɗora. In ta kauce, ya koma kan rubutun da ya kautar da ita ya gyara.